Littafin Farko Yana Bakin Boda: Nasiha Ga Matashin Da Ya Ce Ba Shi Da Abin Rubutawa

Akwai wani koke da ake yawan ji daga bakin matasa masu sha'awar rubutu. Za ka ga yaro ya karance littattafan Hausa har ya haddace sunayen taurarinsu, ya sayi sabon littafin rubutu da biro, ya rubuta bisimilla a saman shafin farko, daga nan kuma shiru. In an tambaye shi ina aka kwana, sai ya ce shi dai yana son ya yi littafi, amma bai san a kan me zai yi ba. Wannan koke ya fi ban mamaki idan ya fito daga bakin ɗan Farfaru, ko Magama, ko cikin garin Jibiya, mutumin da ya tashi yana ganin ƙasa biyu, kuɗi iri biyu da hukuma iri biyu suna gogayya a ƙofar gidansu.

Matsalar irin wannan matashi ba rashin abin faɗa ba ce. Abin ne ya yi masa yawa, kuma ya saba da shi har ya daina ganinsa. Yana zaton labari sai a Legas ko Dubai, sai gidan bene da attajiri mai jirgin sama. Aikin da ke gabansa shi ne ya yanki ɗan ƙaramin yanki daga abin da ya sani, ya gwada ko zai ɗauki nauyin littafi, sannan ya zauna a kansa har ya gama.

Magabata ma daga kusa suka ɗebo

Tarihin ƙagaggun labaran Hausa ya nuna haka tun daga tushe. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai. Abubakar Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja daga tatsuniyoyi da hikayoyin Larabci da ya taso a cikinsu. Yayansa, Malam Bello Kagara, ya ɗora farkon Ganɗoki a kan yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa, abin da dattawan ƙasarsu suka gani da idonsu. Babu ɗayansu da ya jira wani baƙon batu ya faɗo masa daga sama.

Haka abin ya ci gaba. A cikin littattafan da suka fito a 1982 daga gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, wanda ya tsaya a kan direbobi da haɗarin mota. A 2016, da sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, 'yar Katsina, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Hanya, boda, sansani: duk abubuwan da mutumin Jibiya ya sani ne ciki da bai.

Bambancin batu da labari

Kafin a zo ga zaɓi, akwai abu ɗaya da ya kamata matashi ya gane, domin a nan ne mafi yawan littattafan farko suke mutuwa. "Rufe boda" batu ne. "Talauci" batu ne. "Auren dole" batu ne. Babu ɗayansu da ya zama labari tukuna. Batu yana zama labari ne idan an sami amsar tambayoyi huɗu: wane ne mutumin, me yake nema ido rufe, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa idan bai samu ba.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi da za su nuna ko an dace. Na farko, marubuci ya je majalisar abokansa, ko wurin mai shayi, ya ba da labarin da baki cikin minti uku, kamar abin da ya faru da wani, ya tsaya a tsakiya. Idan wani ya ce, "To sai aka yi yaya?" labari ya kama. Idan kuwa suka ce, "Wallahi haka ne, Allah ya kyauta," suka koma hirar ƙwallo, to sharhi ya yi musu. Na biyu, ya ɗauki takarda ya jera fage goma, wato wurare goma da za a ga mutane suna aikata wani abu ko suna jayayya. Wanda ya kasa wuce fage huɗu, gajeren labari ne a hannunsa, kuma wannan ba aibi ba ne. Sai ya rubuta shi a matsayinsa, kada ya ja shi da ƙarfi.

Da wannan ma'auni za a duba ayyuka uku da ɗan yankin Farfaru zai iya ɗauka gobe da safe ba tare da ya kashe kuɗin mota mai yawa ba.

Aiki na farko: hanya ɗaya, mutum goma sha biyu

Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne kundin gajerun labarai da aka ɗaure da igiya ɗaya. A nan igiyar ita ce hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Jibiya da Magama, ta tsallaka zuwa Ɗan Isa har Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Marubuci ya zaɓi rana guda, misali ranar Lahadi da kasuwar Jibiya take ci, ya bi mutum goma sha biyu da hanyar ta haɗa, irin su ɗan canji mai naira a aljihu ɗaya da sefa a ɗayan, ɗan kamasho a tasha, direban da ya san kowane shinge, ɗan dako, mai tuwo-tuwo, yarinya mai tallar fura, almajirin da aka kawo daga ƙauyen Nijar, tsohuwar da za ta je suna gidan ɗiyarta a tsallake, jami'in da aka turo daga Kudu ba ya jin Hausa sosai.

Kowane mutum labari ɗaya, kalma 1,500. Goma sha biyu sun ba da kalma 18,000, wanda ya isa ƙaramin littafi mai shafi kusan 70 idan an ƙiyasta kalma 250 a shafi. Daɗin wannan tsari shi ne ana gama abu kowane mako biyu, kuma in labari ɗaya ya lalace ba ya jan sauran. Dabarar da ke mayar da shi littafi ita ce mutanen su riƙa giftawa ta cikin labaran juna. Tsohuwar da ta yi rigima da ɗan canji a labari na biyu, a gan ta zaune a bayan motar direban labari na bakwai, tana sake ƙirga kuɗinta a gefen zane.

Inda wannan aiki yake ɓaci shi ne duk mutanen su riƙa magana da murya ɗaya, wato muryar marubucin. Alamar ita ce in an rufe sunayen, ba a gane wa ke magana. Mutumin Maraɗi yana ƙirga kuɗi da dala, kowace dala sefa biyar, yana kiran dubu ɗaya jika. Yana cewa lakwal da jandarma da duwan a inda ɗan Jibiya zai ce makaranta da ɗan sanda da kwastan. Marubucin da ya zauna yini guda kusa da 'yan canji yana saurare, ba ya cewa komai, zai dawo da abin da zai raba masa muryoyi uku ko huɗu.

Aiki na biyu: bakin tsoho ɗaya

Wanda bai amince da kansa wajen ƙaga labari ba, akwai littafin da ba ya bukatar ƙage ko kaɗan: tarihin rayuwar mutum ɗaya daga bakinsa. Misalin da ya shahara shi ne na Baba ta Karo. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Mary Smith ta zauna da wannan tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa game da ƙuruciya, aure, kishi, bauta da zuwan Turawa. Littafin ya fito a 1954, bayan Baba ta rasu, kuma har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa ba su daina komawa gare shi ba. Baba ba sarauniya ba ce, ba ta kuma yi boko ba.

Yankin Jibiya yana da tarihin da zai ba irin wannan hira ƙashin baya. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun koma arewa suka kafa Maraɗi, shi ya sa har yanzu ake ce wa sarkin can Sarkin Katsina. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka, suka raba gonaki da dangi. A 1994 wani Ba'amurke, William Miles, ya fitar da littafi sukutum a kan ƙauyuka biyu kacal, Yardaji a Nijeriya da Yekuwa a Nijar, yana nuna yadda mulkin Ingilishi da na Faransa suka bambanta mutanen da asalinsu ɗaya. Abin da baƙo ya zo daga nesa ya yi da ƙyar, ɗan gida zai iya yi da kakarsa a tsakar gida.

Sirrin aikin yana cikin yadda ake tambaya. Wanda ya ce, "Kaka, ba ni tarihin garin nan," jimla uku zai samu da addu'a. Tambayar da ke buɗe baki ita ce wadda ta kama rana ɗaya ko abu ɗaya: "Kaka, ranar da aka kai ki ɗaki, wa ya riƙe miki hannu?" "Baba, da me ka fara zuwa Maraɗi, da jaki ko da mota? Me ka ɗauka?" "Inna, kafin a yi dam ɗin Jibiya, ina kuke ɗebo ruwa da rani?" Sannan a yi shiru. Tsoho yakan ɗan tsaya kafin ya faɗi abin da ya fi nauyi, kuma mai gaggawar jefa wata tambaya yakan toshe shi.

Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, da aukuwa suke yi: shekarar canjin kuɗi, shekarar fari, zamanin Shagari, lokacin da Buhari na soja ya rufe boda a 1984. Aikin marubuci ne ya mayar da waɗannan zuwa shekaru, ya kuma tambayi mutum na biyu don tabbatarwa. Ya shirya wa wahalar kwafewa: hirar awa ɗaya a waya takan ci awa huɗu zuwa shida kafin a mayar da ita rubutu. Zama goma na awa ɗaya sun isa littafi, bayan an zubar da maimaici. Kuma tun ranar farko a faɗa wa tsohon cewa littafi za a yi, a karanta masa abin da aka rubuta, abin da ya ce a cire a cire.

Aiki na uku: ƙagaggen labari, daga batu zuwa babi

Ga mai son dogon labari, bari a ɗauki batu ɗaya a bi shi daki-daki. Batun shi ne rufe boda na 2019. Abubuwan da suka faru sanannu ne. An yi Babbar Sallah ranar 11 ga Agusta. Ranar 20 ga wata gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. A watan Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Disambar 2020 aka buɗe wasu iyakoki, ciki har da Illela da Maigatari, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Waɗannan ranaku su ne turakun da za a ɗaure labari a jikinsu, kuma ba a taɓa su.

Yanzu tambayoyi huɗu. Wane ne? Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, babban ɗa a gidansu, yana kabu-kabu da babur ɗin da bai gama biya ba. Mahaifinsa direba ne a layin Jibiya zuwa Maraɗi. Me yake nema? An sa ranar auren ƙanwarsa bayan kaka, mijin ɗan ƙanen mahaifiyarsu ne a wani ƙauye kusa da Ɗan Isa, kuma ba a sayi gado da katifa da kwanuka ba. Me ya tare shi? An rufe boda, motar uban ta tsaya, abin da ake tarawa ya koma cefane. Me zai rasa? In an ɗaga biki, mutuncin gidan ya zube a idon dangin uwa. In kuma ya shiga fito, yana ɗauko buhun shinkafa ta hanyar daji da dare, zai iya rasa babur, ko 'yanci, ko rai.

Nan take an ga bambanci. Batu ya zama mutum mai zaɓi biyu, kowanne da ɗacinsa, kuma akwai ranar da ba ta jira. Marubuci ya taƙaita lokacin daga Agusta zuwa Disamba, wata huɗu. Jarabar da za ta zo masa ita ce ya ja labarin har 2022, ya cusa annobar korona, da katse layukan waya da aka yi a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina a Satumbar 2021, da juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 da ya sa aka sake rufe boda har Maris ɗin 2024. Kowane ɗaya daga cikinsu littafi ne mai zaman kansa. Buhun da aka cika fiye da kima a bakin ɗinki yake fashewa.

Sai jera fage. Na ɗaya, yammacin Sallah, dangin Nijar sun zo, ana raba nama ana tsayar da rana. Na biyu, safiyar da uban ya je tasha ya dawo kafin hantsi, ya zauna bai ce uffan ba. Na uku, uwa ta buɗe adakar da take tara kwanuka, ta ƙirga, ta rufe. Na huɗu, abokin saurayin ya zo da sabuwar waya, ya ce, "Kai dai tsaya nan kana ɗaukar fasinjan naira ɗari." Na biyar, tafiyar farko da dare, fitila a kashe. Na shida, ya ajiye kuɗi a gaban mahaifiyarsa, ta dube shi ta ce, "Daga ina?" ya ce, "Aiki ne, Inna," ta karɓa ba ta ƙara tambaya ba. Na bakwai, mai ya yi wuya, kuɗin jarka ya haura, riba ta ragu, dole a ƙara yawan tafiya. Na takwas, an kama abokin. Na tara, ƙanwar ta gano, ta ce, "Yaya, in don ni ne, na yafe gadon." Na goma, tafiya ta ƙarshe, kwana uku kafin ɗaurin aure.

Fage goma sun fito ba tare da wahala ba, saboda haka batun zai ɗauki littafi. Idan kowane fage ya zama babi biyu na kalma 1,200, an sami kalma 24,000, kusan shafi 100. Mai rubuta kalma 300 a rana, kwana biyar a mako, zai kai nan cikin mako 16. Kalma 300 ba ta wuce shafi ɗaya da rabi na littafin makaranta ba, abin da za a iya yi tsakanin sallar asuba da fitowar rana.

A lura da fage na shida, domin a nan ne littafin yake da rai. Uwar ba muguwa ba ce, ɗan ba ɓarawo ba ne, amma ta karɓi kuɗin kuma dukansu sun san abin da ba a faɗa ba. Marubuci mai gaggawa zai sa ta tashi ta yi wa'azin shafi biyu a kan halal da haram. Wanda ya san gidajen yankin ya san ba haka ake yi ba: za ta ɗaure kuɗin a bakin zane, ta zuba masa tuwo fiye da na kullum, da dare kuma a ji ta tana juyi ta kasa barci. Haka shi ma jami'in da ke kan shinge. In an mai da shi dodo kawai, labari ya zama ƙorafi. A ba shi nasa fagen: mutum ne da aka ba umarni, yana da iyali a nesa, kuma ya san yaran da yake kora sa'o'in ƙannensa ne.

Abin da za a je a gano da ƙafa

Kafin fage na biyar, akwai abubuwan da zama a ɗaki ba zai bayar ba. Yaya ake ɗaure buhu mai kilo 50 a kan babur, kuma guda nawa yake ɗauka kafin ya fara rawa a cikin yashi? Nawa ake biyan ɗan fito a kan buhu a wancan lokaci? Yaya hanyar take da damina idan gulbi ya kawo, yaya take bayan an girbe gero, fili ya buɗe, ana hango fitila daga nesa? Waɗannan ana samun su a bakin waɗanda suka yi suka bari, a hira ta natsuwa. Kuskure ɗaya a irin wannan, misali a sa gero tsaye a gona a watan Disamba, ya isa mai karatu ɗan yankin ya ajiye littafin.

A nan kuma akwai iyaka da ya wajaba a kiyaye. Yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga, kuma babu littafin da ya kai a shiga daji dominsa. Ba a ɗaukar hoton shingen jami'an tsaro, ba a naɗar muryar mutum a ɓoye, ba a bin 'yan fito don a ga yadda ake yi. Wanda ya ba da labarinsa a amince, a sauya masa suna da unguwa da sana'a da yawan 'ya'ya, har maƙwabcinsa ya kasa gane shi. Hanya mafi aminci ita ce a haɗa mutum uku su zama ɗaya. Ƙauyen ma a ƙaga masa suna, a bar Jibiya da Maraɗi da ranakun gwamnati a yadda suke. Haka abin yake ga mai son rubutu a kan ambaliyar Yulin 2018, wadda ta ci rayukan fiye da mutum 40 a Jibiya cikin dare ɗaya: iyalan mamatan suna nan da ransu, kuma za su karanta.

Yadda ake gane aiki ya karkace

Alamu uku ne suka fi bayyana. Idan an kai shafi na goma ana ta bayanin asalin gari da kyawun yarinya, babu wanda ya nemi wani abu ya rasa, to labari bai fara ba. A yanke, a fara daga ranar da abu ya canza. Idan matsala ta warware da abin da ya faɗo daga sama, kamar wani attajirin kawu da ba a taɓa ambata ba ya iso da mota cike da kayan ɗaki, to marubuci ya tsere wa tambayar da ya yi da kansa. Ƙarshe dole ya fito daga zaɓin da saurayin ya yi. Idan kuma a babi na shida wani sabon batu ya fara kiran marubuci, yana ganin ya fi wannan daɗi, wannan ba alamar batun farko ya mutu ba ce, tsakiyar littafi ce ta zo, inda kowa yake gajiya. A rubuta sabon a bayan littafi cikin layi biyu, a koma bakin aiki.

Zaɓi tsakanin ayyukan uku ya danganta da halin mutum. Mai kunnen jin magana, wanda ke iya kwaikwayon muryar mutane har a yi dariya, ya ɗauki kundin hanya. Mai haƙurin zama da tsofaffi, wanda ke da kaka ko kakan da ya haura saba'in, ya fara da su tun yau, domin wannan ne kaɗai aikin da ba ya jira. Wanda kuma wata tambaya ta hana shi sukuni, irin ta me zai yi da shi ne a matsayin wancan saurayi, shi ne mai dogon labari.

In an gama zubin farko, a ajiye shi wata guda ba a duba ba. Sannan a karanta shi da ƙarfi ga mutum biyu: ɗaya mai karatun littattafai, wanda zai faɗi inda ya gaji, ɗaya kuma direba ko ɗan canji ko tsohon ɗan fito, wanda zai faɗi inda aka yi ƙarya. Bayan gyara, a nemi malamin Hausa ya duba ƙa'idar rubutu, musamman raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa. 'Yan mata suna da ƙofar Hikayata, inda labari ɗaya daga kundin hanya zai iya shiga in an daidaita tsawonsa da sharaɗin gasar. Akwai kuma reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a Katsina, da sashen harsunan Nijeriya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, inda za a sami waɗanda suka riga shiga harkar, su nuna yadda ake buga littafi da abin da yake ci.